Rauta a kusurwar falo: yadda bangon kankare biyu suka hana ɗakin baya samun sigina

Gidan bene ne mai hawa ɗaya, tsawonsa mita 18, faɗinsa mita 10. Bangayensa na ciki ba na bulo mai rami ba ne, kankare ne zubabbe da rodi a ciki, kaurin kowanne ya kai santimita 20. Tsakanin ƙasa da sama akwai dekin, shi ma da rodi saƙe a cikinsa. Wayar intanet ta shigo ta gaban gida, ta kusurwar falo, masu haɗawa kuwa suka ajiye rautar, wato na'urar da ke watsa waifai, a inda wayar ta ƙare, cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin, kusa da ƙasa. A falo komai lafiya. A ɗakin baya na ƙasa kuwa, waya takan nuna ta haɗu da waifai amma shafi ba ya buɗewa, a sama kuma kiran bidiyo yakan tsaya cak kowane ɗan lokaci.

Kafin a kira ni, maigidan ya riga ya gwada abu biyu. Ya ƙara gudun layinsa zuwa megabit 50 a daƙiƙa, sannan ya sayi rifita, wato na'urar nan da ake jonawa a soket don ta maimaita sigina, ya sa ta a ɗakin baya. Babu wanda ya canza komai a cikinsu. Na farkon ma babu yadda za a yi ya canza, domin gudun layi yana tsayawa ne a jikin rauta. Abin da ke faruwa daga rauta zuwa wayar da ke hannu maganar rediyo ce, kuma kamfanin intanet ba shi da hannu a ciki.

Don in tabbatar da hakan kafin in taɓa komai, na zauna a ɗakin baya da kwamfuta, na aika saƙon gwaji zuwa ga rautar kanta, ba zuwa waje ba:

```
ping 192.168.1.1
```

Lambar nan adireshin rautar gidan ne. A wasu rautoci takan bambanta, kuma yawanci a rubuce take a ƙasan na'urar. A falo amsa tana dawowa cikin millisakan 2 ko 3, babu wadda ta ɓace. A ɗakin baya wata ta dawo a 40, wata a 600, wasu kuma ba su dawo ba sam. Saƙon bai fita daga gidan ba, saboda haka cutar a cikin gida take.

Daga nan sai awo. Sandunan sigina da waya ke nunawa a saman allo ba sa isa a yi aiki da su, domin kowane kamfanin waya da yadda yake lissafa su. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne dBm, kuma manhajojin duba waifai na Android suna nuna shi kai tsaye. A kwamfutar Mac ana ganinsa idan aka danne maɓallin Option aka taɓa alamar waifai, a Linux kuma da wannan umarni, idan sunan katin waifai na kwamfutar `wlan0` ne:

```
iw dev wlan0 link
```

Lambobin suna zuwa da alamar ragi a gabansu, kuma mafi kusa da sifili shi ya fi ƙarfi. Wanda ke tsaye kusa da rauta zai ga wajen -30. Har zuwa -60 babu abin damuwa. Masu tsara waifai sukan ɗauki -67 a matsayin iyakar da kiran murya da na bidiyo ke tafiya ba gargada. Daga -75 zuwa ƙasa an shiga wahala, a wajen -90 kuma siginar ta nutse cikin hayaniyar rediyo da ke ko'ina. Abin da ke rikita mutane shi ne ma'aunin ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar awon mita. Ragin dB 3, wato lambar ta ƙara nisa daga sifili da 3, na nufin ƙarfi ya koma rabi, ragin dB 10 kuma na nufin saura kashi ɗaya cikin goma. To wanda ya tashi daga -54 zuwa -84 ya rasa dB 30, wato abin da ya rage masa kashi ɗaya ne cikin dubu.

Waɗannan lambobi biyu ban kawo su a banza ba, su ne zuciyar lamarin gidan. Na fito da rautar daga kabad na ɗora ta a kan tebur, na auna a nisan mita ɗaya a kan zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan rediyon da waifai ke amfani da su, na samu -30. A fili, inda babu abin da ya tare, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu, sigina tana raguwa da dB 6, domin ƙarfin ɗaya ne yake bazuwa a wuri mai faɗi ninki huɗu. Saboda haka a mita 2 za a sa ran -36, a mita 4 -42, a mita 8 -48, a mita 16 kuma -54. Gadon ɗakin baya yana da nisan kimanin mita 16 daga rautar. Da nisa ne kaɗai matsalar, mai ɗakin zai riƙa samun -54, wanda ya ishe shi kallon bidiyo ba tare da ya san akwai wani abu ba. Abin da na auna a kan gadon, da rautar a mazauninta na kabad, -84 ne.

Maigidan ya daɗe yana cewa ɗakin ya yi nisa. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, nisan bai ci abin da ya kai a yi magana ba. Daga mita 8 zuwa 16 duka-duka dB 6 ne. Bango ɗaya na gidan nan ya ci ninkin haka.”

Auna abin da bango ke ci ba shi da wuya. Ana tsayawa a gefen da ke fuskantar rauta, a riƙe waya kusa da bangon, a rubuta lamba, sannan a zagaya ɗaya gefen daidai wurin, a rufe ƙofa, a sake rubutawa. Ana jira daƙiƙa kaɗan a kowane wuri domin lambar tana rawa da dB 2 ko 3, kuma kada mai awon ya sa jikinsa tsakanin waya da rauta, domin jikin mutum yawancinsa ruwa ne, shi ma yana shanye sigina. Bangon da ya raba falo da ɗakin cin abinci ya ba ni -44 a gefe ɗaya, -57 a ɗaya gefen. Ke nan dB 13, wato kashi ɗaya cikin ashirin ne kawai ke tsallakawa. Tsakanin rautar da ɗakin baya irin wannan bango biyu ne, sun ci 26. Kabad ɗin da talabijin da ke kansa, wanda bayansa akwai farantin ƙarfe, sun ci sauran 4. Lissafi ya cika 30.

Kankare yana yin wannan ɓarna ne ta hanya biyu. Shi kansa abu ne mai nauyi da ke riƙe da danshi a cikinsa, yana shanye ƙarfin igiyar rediyo yana mayar da shi ɗan zafi. Rodin da ke ciki kuma ƙarfe ne, yana mayar da wani ɓangare na siginar baya. Tsawon igiya a 2.4 GHz kimanin santimita 12 da rabi ne, saboda haka rodin da aka saƙa da tazarar da ta yi kusa da wannan yana zama kamar raga a gabanta. Babu lamba ɗaya da za a ce ita ce ta kowane bangon kankare. Kauri, yawan rodi da danshi duk suna canza ta, shi ya sa na fi yarda da awon minti biyu a jikin bangon da kansa fiye da jadawalin da aka kwafo daga wani wuri.

Na sake auna bangon a kan 5 GHz, na samu ragin kusan dB 20. Wannan zango ya fi gudu kuma ya fi ƙarancin cunkoso, amma tsawon igiyarsa kimanin santimita 6 ne, kankare ya fi cin sa, kuma tun a mita na farko waya tana karɓar sa da rauni na kusan dB 7 fiye da 2.4. A gida irin wannan, 5 GHz na ɗakin da rauta take ne, sai watakila ɗakin da ke maƙwabtaka da shi.

Wani ɗaki ya fi ba ni aiki fiye da na bayan. Ɗakin karatu ne, mita 8 kacal daga rautar, kuma bango ɗaya ne a tsakani. Bisa lissafi ya kamata ya samu -48 a cire 13, wato -61. Na auna -72, har bayan na fito da rautar daga kabad. Sai da na zana taswirar gidan a takarda, na ja layi miƙaƙƙe daga rautar zuwa teburin ɗakin, sannan abin ya fito fili. Da yake rautar tana kusurwa, layin bai ratsa bangon kai tsaye ba, ya shige shi ne a karkace. Bango mai kaurin santimita 20 idan aka shige shi a miƙe santimita 20 ne, amma layin da ya karkace da digiri 60 daga miƙe zai bi ta cikin santimita 40. A zahiri igiyar takan ɗan lanƙwashe idan ta shiga kankare, sai dai kuma abin da fuskar bangon ke mayarwa baya yana ƙaruwa sosai idan aka zo masa a karkace, sakamakon dai ɗaya ne: bango ɗaya ya ci kusan abin da biyu za su ci. Wannan ne babban laifin kusurwa, kuma shi aka fi mantawa da shi. Mutane suna ƙirga bangaye nawa ne a tsakani, ba sa duba ta wace fuska siginar ke iske su.

Laifin kusurwa na biyu ƙarami ne amma yana nan. Eriyar rauta tana watsa sigina ta kowane gefe, don haka wadda ke kusurwar gida tana aika kaso mai yawa na ƙarfinta zuwa bangon waje da titi.

Sai maganar rifita. An jona ta a ɗakin baya, a daidai inda siginar take -84. Rifita ba ta ƙirƙiro intanet, abin da ta ji daga rauta shi take maimaitawa. Wayar mai ɗakin tana ganin rifitar a kusa, sanduna su cika, amma haɗin da ke tsakanin rifitar da rautar yana nan a wahalarsa, shi ya sa aka samu sanduna cike da shafin da ba ya buɗewa. Da an sa ta a tsakiyar hanya, inda take jin rauta a wajen -60, da ta yi wani amfani. Ko a can ɗin ma, rifita mai rediyo ɗaya ba ta iya saurare da magana a lokaci guda a tasha ɗaya, saboda haka gudu yana komawa kusan rabi.

Maigidan ya tambaya ko a sayo rauta mai ƙarfi, irin mai eriya shida ko takwas. Ban ba shi goyon baya ba. Waifai hira ce ta ɓangare biyu: rauta ta faɗa, waya ta amsa. Kamar mai lasifika ne yake magana da wanda ke can nesa da muryarsa kawai, na nesa yana jin komai, amma amsarsa ba ta isowa. Wayar hannu tana da ƙaramar eriya da batirin da take tattali, kuma amsarta sai ta ratso bangaye biyun nan kafin ta iso. Ban da haka, ko an ninka ƙarfin rauta sau biyu, dB 3 aka samu, alhali giɓin da ke tsakanin -84 da -67 dB 17 ne. Cike shi da ƙarfi kaɗai na bukatar ninki hamsin, kuma dokokin rediyo a kowace ƙasa sun sa iyaka ga ƙarfin da irin waɗannan na'urori ke fitarwa.

Abin da ya rage shi ne a rage yawan kankaren da ke kan hanya. Taswirar ta nuna korido a tsakiyar gidan, wanda ƙofofin ɗakunan ƙasa ke buɗewa a cikinsa, kuma yana haɗe da falo ta wata babbar ƙofa marar marfi. Daga tsakiyar koridon, babu ɗakin ƙasa da ke da bango fiye da ɗaya tsakaninsa da wurin, kuma mafi nisa mita 8 ne. Kafin a huda ko'ina, na ɗauki rautar da doguwar wayar wuta, na ɗora ta a kan tsani a koridon. Wannan gwaji ba ya bukatar intanet, domin ƙarfin sigina ake aunawa, kuma rauta tana watsa shi ko an zare mata layi. Na fi son a yi haka a wurare biyu ko uku kafin a buga ƙusa.

Lissafi ya ce ɗakin baya zai samu -48 a cire 13, wato -61. Na auna -63 da ƙofa a rufe, -55 da ƙofa a buɗe. Bambancin yana nuna cewa wani ɓangare mai yawa na siginar ba ta bangon yake shiga ba, ta ƙofa yake bi yana karo da bangaye har ya iso. Ƙofar katako kaɗan take ci. Da ta ƙarfe ce, da labarin ya bambanta. Ɗakin karatu ya tashi daga -72 zuwa -58, falo kuma ya sauka zuwa -52, wanda babu mai lura da shi.

Akwatin kamfanin da wayar waje ke shiga ya zauna a inda yake a falo. Daga jikinsa aka ja kebul ɗin Cat6 mita 12 ta gefen silin zuwa korido. Irin wannan kebul yana ɗaukar gigabit har nisan mita 100, saboda haka tsawon bai rage komai ba. Rautar aka kafa ta a bango, tsayin mita 2 daga ƙasa, sama da kujeru da kawunan mutane, eriyoyinta a tsaye. A gidan da rauta da akwatin kamfani suke a haɗe a na'ura ɗaya, ana barin ta a wurinta a kashe waifai ɗinta, a ja kebul zuwa wata na'urar watsawa a tsakiyar gida.

A ɗakin baya, gwajin `ping` ya koma millisakan 3 zuwa 8, babu saƙon da ya ɓace. Gudu ya tsaya a wajen megabit 30 daga cikin 50 na layin, domin a can wayar a kan 2.4 GHz take. Siginar 5 GHz tana isa ɗakin a wajen -77, kuma waya ba ta zama a kanta. Talatin ɗin ta ishi kiran bidiyo da kallo.

Sama kuwa sauyin wurin bai warkar da shi ba. Ko a daidai saman rautar na auna -76, a ɗakunan gefe kuma ƙasa da -80. Dalili biyu ne suka haɗu. Dekin ya fi bango yawan rodi, ga siminti da tayil a kansa. Sannan eriyar da ke tsaye tana watsa ƙarfinta ne gefe-gefe, sama da ƙasanta kuma nan ne take da rauni. Na kwantar da eriya ɗaya don ta jefa wani abu sama, aka samu ƙarin dB kaɗan, wanda bai kai ko'ina ba. Ɗakunan gefe na sama ma matsalar karkacewar nan ce ta same su, sai dai a wannan karon ta cikin dekin.

A ganina, a gidan kankare ya kamata tun farko a ɗauka cewa kowane hawa yana bukatar na'urarsa, kuma kebul ne zai haɗa su. Ana tallar na'urorin da ke haɗa kansu da kansu ta iska, a ce sai dai a jona su a soket kawai. Suna aiki a gidajen da bangayensu na katako ne ko allo, amma a nan haɗin da ke tsakaninsu sai ya ratsa dekin ɗin da ya hana wayar samun sigina tun farko. Idan babu halin jan kebul ko kaɗan, to a sa ɗaya a gindin matattakala, ɗaya a kanta, ta yadda za su ga juna ta ramin benen, domin nan ne kaɗai babu kankare tsakanin hawa biyun.

A wannan gida akwai hali. Aka ja kebul na biyu daga rautar, ya bi gefen matattakala zuwa koridon sama, aka kafa na'urar watsawa ta biyu a can. Na ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na rautar ƙasa, don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Tashoshinsu kuwa na raba. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Manhajar awon ta nuna maƙwabta sun taru a 6, saboda haka ƙasa ta ɗauki 1, sama ta ɗauki 11, kowacce da faɗin 20 MHz. Ɗakunan sama duka suka dawo tsakanin -50 da -64.

Wata ƙaramar matsala ta biyo baya. Wanda ya hau bene da waya a hannu, wayar takan manne wa rautar ƙasa a -78 alhali ga ta sama a kusa tana ba da -50. Waya ce ke yanke shawarar lokacin sauyawa, kuma da yawa ba sa sakin abin da suka riƙe sai ya yi muni sosai. Maganin ya zo a juye da abin da maigidan ya zata: na rage ƙarfin 2.4 GHz na na'urorin biyu daga `High` zuwa `Medium`. Siginar ƙasa ta riƙa mutuwa da wuri a kan matattakala, wayoyi suka riƙa sauyawa kafin a kai sama. Ragin ya taɓa ɗakin baya na ƙasa, ya koma -66 da ƙofa a rufe, dab da iyaka amma bai ƙetare ta ba, kuma na sake gwada kiran bidiyo a kan gadon kafin in bar saitin haka.

Kicin ne kaɗai ya rage a wajen -72. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, firij yana jingine da bangon da ke fuskantar korido, kuma idan aka kunna na'urar ɗumama abinci, wadda ke aiki a 2.45 GHz, saƙonnin gwaji sukan fara ɓacewa har sai ta tsaya. Gyaransa na bukatar na'ura ta uku da wani kebul ɗin. Uwargidan ta ce saƙonni kawai take dubawa a can, kuma suna shiga, saboda haka aka bar shi yadda yake, aka zare rifitar daga ɗakin baya.